Yadda batirin dalma da sel na haidurojin ke ba da lantarki

A kowane sel, wani sinadari yana sakin elektiron a gefe guda, wani yana karɓa a ɗaya gefen. Da za a haɗa su wuri ɗaya, zafi kawai za a samu. Amma da yake an raba su, elektiron ba su da hanyar wucewa sai ta wayar waje, kuma wannan gudun nasu shi ne lantarkin. Shi ya sa ake rubuta musayar rabi-rabi: na anod inda ake saki, da na katod inda ake karɓa.

Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin dalma a 1859. Farantin (−) dalma ce mai ƙananan ramuka, Pb, farantin (+) kuwa PbO₂ ne, dukansu a nutse cikin ruwan batir, wato H₂SO₄ da aka surka da ruwa. Idan batir na aiki, a anod:

Pb + SO₄²⁻ → PbSO₄ + 2e⁻

A katod:

PbO₂ + 4H⁺ + SO₄²⁻ + 2e⁻ → PbSO₄ + 2H₂O

Elektiron biyu suka fita, biyu suka shiga, don haka a haɗe:

Pb + PbO₂ + 2H₂SO₄ → 2PbSO₄ + 2H₂O

Ƙimar E°, wato ma'aunin ƙarfin jan elektiron na kowane rabi a daidaitaccen yanayi, ta katod +1.69 V ce, ta anod −0.36 V. A cire ta anod daga ta katod: 1.69 − (−0.36) = 2.05 V. Da ƙarfin asid ɗin da ke cikin batir na gaske, kowane sel kan ba da kusan 2.1 V, shida a jere su ba da 12.6 V na cikakken batirin mota.

A lura da kyau: farantan biyu duk PbSO₄ suke komawa, asid na raguwa, ruwa na ƙaruwa. Saboda haka nauyin ruwan batir kansa yana nuna yawan caji: kusan 1.27 g/cm³ in ya cika, ƙasa da 1.15 in ya kusa ƙarewa. Tunda PbSO₄ ba ya narkewa sosai, yana nan manne a jikin farantin, kuma wannan ne ke sa caji ya yiwu. Caja na tura elektiron ta baya, musayar biyu su juya.

Lalacewar ma daga nan take fitowa. Batirin da aka bari babu caji tsawon makonni, PbSO₄ ɗinsa kan daskare ya zama manyan ƙwayoyi masu tauri da ba sa juyawa, sai ya daina riƙe wuta. Idan kuma aka zarce kusan 14.4 V wajen caji, wutar kan koma fasa ruwa zuwa H₂ da O₂. Ruwa ya ragu, ga haɗarin fashewa in tartsatsi ya tashi. Ruwa ne ya tafi, ba asid ba, don haka tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa.

Sel na haidurojin, wanda William Grove ya fara nunawa a 1839, ba ya ajiye kayan aikinsa a ciki. A irin na zamani, ana shigar da H₂ ta anod, iska ta katod, ga wata siririyar fata ta roba a tsakani da ke barin H⁺ ya ratsa amma ta tare elektiron. A anod, a kan falatinam:

2H₂ → 4H⁺ + 4e⁻ (E° = 0.00 V)

A katod:

O₂ + 4H⁺ + 4e⁻ → 2H₂O (E° = +1.23 V)

An ninka rabin anod sau biyu don elektiron su daidaita, amma ba a ninka E°. Ɗalibai da yawa nan suke tuntuɓe. Jimilla 2H₂ + O₂ → 2H₂O, a 1.23 V. Da zarar an ɗora masa aiki, 0.6 zuwa 0.7 V ake samu, galibi saboda rabin oksijin yana tafiya a hankali ko da an sa falatinam. Ragowar ƙarfin yakan zama zafi, kuma irin wannan sel yakan yi aiki a kusan 80 °C. In fatar ta bushe, H⁺ ba zai ratsa da sauƙi ba. In ruwa ya yi yawa, ya toshe wa iska hanya. Ɗan CO kaɗan a cikin haidurojin kan liƙe wa falatinam ya hana shi aiki.

Mol biyu na elektiron suna ɗauke da 2 × 96,485 C, wato kusan 53.6 Ah. Don samun wannan, batiri sai ya ci giram 207 na Pb, 239 na PbO₂ da 196 na H₂SO₄. Sel na haidurojin giram 2 na H₂ kawai zai ci, oksijin ɗinsa giram 16 kuma daga iska yake ɗiba, sai dai tankin da ke riƙe haidurojin a matse ya ninka iskar da ke cikinsa nauyi sau da yawa.