Jawabi a taron unguwa kan sayen taransifoma

Assalamu alaikum. Mai Unguwa, Malam Liman, iyayenmu da 'yan'uwa, sannunku da fitowa.

Yau wata uku ke nan da taransifomar layinmu ta ƙone, muna kwana a duhu nan Rigasa. Mai niƙa ya rufe injinsa, mai walda ya koma sayen fetur, mata masu zoɓo da ƙanƙara jarinsu ya narke. Mun kai kuka ofishin wuta har ƙafa ta gaji.

Shawarar kwamiti ita ce mu haɗa kuɗi mu sayi mai ƙarfin kVA 500, domin tsohuwar 300 ce, lodi ya yi mata yawa. Amma a yi adalci. Bazawarar da ke da ƙwan fitila biyu da fanka, ai ba za ta biya daidai da mai gidan haya ko mai injin niƙa ba. Kowa gwargwadon wutar da yake sha.

Kuɗi kuwa asusun banki za su shiga, da sa hannun mutum uku, a riƙa liƙa lissafi a ƙofar masallaci duk Juma'a. Kafin a biya ko sisi, sai kamfanin wuta ya ba mu amincewa a rubuce.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, Malam Sakatare na rubutawa.