Bayanin sa ido a rubuce: ɓarakar da ta auku a zama na 4 zuwa na 6 da Hajiya R.

Zuwa ga: Malama Zainab, mai karɓar horo a shekara ta biyu
Daga: Dakta Hadiza, mai sa ido kan aikinki
Rana: Litinin, 13 ga Mayu, 2024
Abin da na duba: sautin zama na 4 (25 ga Afrilu), na 5 (2 ga Mayu) da na 6 (9 ga Mayu), waɗanda aka naɗa da izinin Hajiya, da bayanan da kika rubuta, da makin PHQ-9, tambayoyi tara na auna tsananin ciwon damuwa

Assalamu alaikum, Malama Zainab.

Na saurari zaman ukun sau biyu. Na zaɓi in rubuto miki kafin mu haɗu jibi don ki samu ki karanta a natse, ki ga inda kika yarda da inda ba ki yarda ba. A bayananki kin rubuta cewa matsala ta faro a zama na 6, lokacin da Hajiya ta ɗaga murya. Ni kunnena ya jiyo ta tun zama na 4, kuma kan wannan ne yawancin takardar nan za ta tsaya.

Abin da ya tafi daidai

Gaisuwarki da ita tana da kyau. Ba kya gaggawa, kina tambayar yara da makarantar da take koyarwa, ita ma tana sakin jiki a nan. A zama na 5, minti na 30, da ta ce "ni ma na ƙosa in bi shi," tana nufin mijinta da ya rasu, ba ki kau da kai ba. Kin tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, ko ta yi wani shiri, kin bi tambayoyin har ƙarshe, kin rubuta amsarta, kin kuma sanar da ni a ranar. Haka ake so. Akwai wani wuri a zama na 6 da ya fi duk wannan, zan zo kansa.

Ɓarakar da ba ta yi ƙara ba

Kin san yadda Bordin ya fasalta dangantakar aiki a 1979: yarda kan inda aka dosa, yarda kan ayyukan da za a yi don isa can, da kuma amanar da ke tsakanin mutum biyun. Safran da Muran sun raba ɓarakar da ke samun wannan dangantaka gida biyu. Akwai ta janye jiki, inda mutum zai taƙaita amsa, ya canza zance, ko ya yi ta amincewa da baki alhali zuciyarsa ba ta wurin. Akwai ta tunkara, inda zai fito fili ya soki aikin ko mai aikin.

Koma zama na 4, minti na 12. Kin kawo jadawalin ayyukan mako, kika ba da shawarar ta fara zuwa biki ko suna tunda ta fita takaba. Ta yi shiru na kusan daƙiƙa 8, sannan ta ce, "To." Kika ce madalla, kika wuce zuwa cike takarda. Daga nan zuwa ƙarshen zaman na ƙirga "to" ko "haka ne" sau 17, ba jimla ko ɗaya da ta wuce kalma shida. Ki kwatanta da zama na 3, inda kika rubuta da hannunki cewa sai da kika tunatar da ita lokaci ya cika.

A zama na 5 ta zo ba ta cike jadawalin ba. Kika tambayi dalili, ta ce, "Ba komai, mantuwa ce." Kika ba ta sabuwar takarda. Da za ta fita ta ce, "Allah ya saka da alheri, 'yata, kina ƙoƙari." A bayananki kin fassara wannan da cewa dangantaka na da ƙarfi.

A nan nake so ki dakata. Ni da ke mun tashi a gidajen da "to" take da fuska da yawa. Akwai "to" ta yarda, akwai ta "na ji, amma ba zan yi ba," akwai ta babba da ba ya so ya kunyata yaro. Hajiya ta girme ki da shekara 20, malamar makaranta ce, ta san darajar ɗalibi mai ƙoƙari. Kawaicin da ta yi miki tarbiyya ce, ban kuma ce kowace alkunya ɓaraka ba ce, in ba haka ba da rabin masu zuwa wurinmu mun sa musu wannan suna. Abin dubawa shi ne sauyi. Mace mai labari ta koma mai "to" daidai lokacin da aka kawo wani aiki, sannan aikin bai yiwu ba, sannan makinta da ya sauko daga 19 zuwa 15 ya koma 17, ya kai 18. Alamu uku sun haɗu. Saɓanin, a ganina, kan inda aka dosa ne. Ke kina so ta koma cikin mutane. Ita kuwa wata shida da rasuwar mijin da suka yi shekara 24 tare, har yanzu ba a ba ta fili ta yi zancensa ba. Fita takaba ta wata huɗu da kwana goma ba ta nufin zuciya ta fita.

Da a minti na 12 kin ajiye biro kin ce, "Hajiya, na ga kin yi shiru da na ambaci biki. Anya ban yi gaggawa ba?" da wataƙila zama na 6 bai zo yadda ya zo ba. Ki lura da yadda na gina tambayar. Ba "me ya sa kika yi shiru?" ba ce, wadda za ta sa ta kare kanta da wani "ba komai". Kin ɗauki laifin kin ɗora a kanki, kin buɗe mata ƙofar da za ta ƙi ba tare da ta ji ta yi rashin kara ba.

Zama na 6

Minti na 22 ta ce: "Ke yarinya ce, ba ki san mutuwar miji ba. Kullum takarda, takarda." Amsarki ta ɗauki minti biyu da rabi. Kin bayyana cewa bincike ya tabbatar da amfanin hanyar, kin ambaci horonki, kin ce ni ma na amince da tsarin. Ba ki faɗi ƙarya ba. Sai dai ita ba tambayar hujja ta yi ba, kuma sako sunana ya sa ta zama ita kaɗai a gefe, mu biyu a ɗaya gefen. Muryarki ta yi sauri, ta ɗan hau. Na san zafin maganar, musamman ga wadda dama take tambayar kanta ko ta isa zama a kujerar. Jin zafin ba laifi ba ne. Abin da za mu koya shi ne ki gane shi yana tasowa kafin ya zama jawabi.

Sai minti na 41. Bayan dogon shiru kika ce, "Gaskiya ne, ban sani ba. Allah ya jiƙan Alhaji. Ba ki taɓa ba ni labarinsa ba, ni kuma ban tambaya ba." Ta yi kuka, ta yi magana minti tara ba tsayawa, har da yadda yake ajiye mata rediyo a kunne in zai fita masallaci da asuba. Wannan shi ne farkon ɗinki, kuma ke kika yi shi, ba wanda ya faɗa miki. Abin da ya ba ni mamaki, babu shi a bayananki ko kaɗan. Kin cika shafi guda da kuskuren minti na 22, kin bar wannan. Ki sake sauraren wurin, ki rubuto mini abin da ya faru a ranki tsakanin minti na 25 da na 41 har kika iya faɗin haka.

Kada ki ɗauki faɗan da ta yi a matsayin rushewar aiki. Nazarin da Eubanks, Muran da Safran suka fitar a 2018, wanda ya haɗa bincike 11, ya nuna cewa ɗinke ɓaraka na tafiya tare da kyakkyawan sakamakon jinya. Mace irin Hajiya ba ta faɗa wa wanda ta riga ta yanke ƙauna da shi irin wannan magana. Daina zuwa kawai take yi.

Abin da nake so a zama na 7, ranar Alhamis

Ki bar jadawalin a aljihun tebur. Bayan gaisuwa, ke za ki tayar da zancen, kada ki jira ta, don kunya za ta iya sa ta zo tana ba ki haƙuri. In ta ce ki yafe mata, kada ki rufe maganar da "ba komai" irin nata. Ki ce abin da ta faɗa ya taimake ki, kuma kina so ki ji sauran. Ki amsa naki rabon a jimla ɗaya ko biyu: kin yi gaba da takardu ba ki tsaya kin ji rashin da ta yi ba. Ban da dogon neman gafara, kada ta koma ita ce mai rarrashinki.

Daga nan ku sake shawara kan inda kuka dosa, da bakinta. Komawa cikin mutane na nan a tsarinmu, amma ita za ta faɗi matakin farko, ko da ziyarar ƙanwarta ce kawai. Tunda maki ya hau, ki sake tambayar tunanin mutuwa da na cutar da kai kamar yadda kika yi a zama na 5, ko da ta sa sifili a tambaya ta 9, ki kira ni a ranar in akwai wani sauyi. Minti biyar kafin ku tashi, ki tambaye ta abu ɗaya da za ta so a canza a zaman. "Komai lafiya?" ba za ta samo miki komai ba sai "lafiya lau".

Matsayinki a wannan fanni

A takardar tantancewa ta wannan zango zan rubuta: gina amana, ya kai matakin da ake buƙata, tantance haɗari, ya kai, gane ɓaraka ta janye jiki, yana buƙatar ƙarin aiki, amsa suka ba tare da kare kai ba, ya fara samuwa. Za mu sake duba biyun ƙarshe bayan zama huɗu, da sauti a gabanmu.

Tsakanina da ke

Da nake ƙirga "to" ɗin Hajiya sai na tuna zamanmu na 17 ga Afrilu. Ni ce na ce ki shigo da jadawalin a zama na 4. Kin fara cewa kina ganin kamar da wuri, na katse ki da bayani, kika ce, "To, Dakta." Na karɓa na wuce, kamar yadda kika karɓi nata. Ke ce mai gaskiya a ranar, kuma wani ɓangare na abin da ya faru daga shawarata ya fito. Na san ni ke sa hannu a takardarki, hakan na sa musu da ni ya yi nauyi. Duk da haka ina so jibi mu fara da wannan: me kika so faɗa a ranar, kuma me a cikin takardar nan kike ganin ban fahimta daidai ba? Ke kika zauna da Hajiya a ɗaki, ni sauti kawai na ji.

Mu haɗu Laraba, 15 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe a ofishina. Ki zo da sautin zama na 4 daga minti na 10 zuwa na 15, da na 6 daga minti na 20 zuwa ƙarshe. Za mu gwada buɗewar zama na 7, ni in zama Hajiya, ke ki fara.

Wassalam,
Dakta Hadiza