Neman ganawa ta minti ashirin da Malam Bashir

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, da fatan kuna lafiya, ku da iyali, kuma ya zafin Jidda?

Sunana Abdulhadi, ɗan Gusau ne ni, ina zangon ƙarshe a Kulliyar Shari'a ta Jami'ar Musulunci a nan Madina. Malam Sani, wanda kuka zauna ɗaki ɗaya da shi lokacin ɗalibtarku, shi ya ba ni lambarku da ya zo Umara, ya ce in gaishe ku. Ya shaida mini cewa daga kulliyarmu kuka fito, yanzu kuma kuna aikin duba yarjejeniyoyi a Bankin Raya Ƙasashen Musulmi.

Binciken kammalawata a kan murabaha nake yinsa, wato cinikin da banki ke sayen kaya ya sayar wa mai buƙata da ribar da aka bayyana. Saɓanin malamai kan ko alkawarin saye yana lazimtar mai shi, da sharaɗin sai banki ya mallaki kaya kafin ya sayar, duk na karanta, na rubuta. Amma Malam, har yau idona bai taɓa ganin takardar murabaha ta gaske ba, wadda ɗan kasuwa ya sa wa hannu. Ban san me mai duba shari'a yake yi daga safe zuwa la'asar ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don harkar bankin Musulunci nake son shiga da gaske, kuma ba na son in shige ta a makance.

Ga shi lokaci ya matse. Da zarar an gama jarrabawa sai maganar iƙama da tikitin komawa, dole in zaɓa: ko in nemi digiri na biyu a nan, ko in koma gida in yi bautar ƙasa. A gida ƙofa ta buɗe tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, gwamnatin tarayya ma tana fitar da sukuk, takardun zuba jari na Musulunci, tun 2017. Sai dai Turancina na makarantar Islamiyya ne, lissafin kuɗi kuwa ban taɓa zama ajinsa ba. Shin takardar shaidar AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, tana cike wannan giɓin, ko da wani abin da ya kamata in fara da shi? Ku da kuka bi hanyar kun fi kowa sani.

Ba aiki nake roƙo ba, Malam, shawara ce. Minti ashirin ta waya ya ishe ni, ko bayan Isha'i ko ranar Asabar, duk wanda ya fi muku sauƙi. In kuma kun fi son ido da ido, zan hau jirgin ƙasa na Haramaini in same ku a Jidda. Idan ayyuka sun yi yawa a watan nan, zan jira zuwa lokacin da kuka samu sarari.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa ilimi albarka.

Ƙaninku,
Abdulhadi