Yadda ake suyar ƙwai mai laushi, wanda ba ya bushewa

Assalamu alaikum uwargida da amarya. Wannan suyar ba irin ta mai shayi ba ce da ake tsuga mai a kasko a buɗe wuta, ƙwai ya yi cuuu ya kumbura gefensa ya yi ja. Waccan ma da daɗinta, amma ta yau ƙwan a dagargaje yake fitowa, luɓus, yana sheƙi, kamar awara kafin a matse ta.

Na mutum biyu: ƙwai 4, bota cokali ɗaya babba (man shanu soyayye ma ya yi, sai dai ƙamshinsa yana da ƙarfi, ki rage), gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauko, masoro in kina so. Madara ba dole ba ce, ni ban cika sawa ba don in ta yi yawa ƙwan ruwa yake tsatsowa a faranti.

Ki fasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya a kofi kafin ki haɗa, kin san zafin garin nan, bara-gurbi ɗaya sai ya ɓata miki duka. Ki sa gishirin tun yanzu ki kaɗa da cokali mai yatsu har farin da gwaiduwar su haɗe, ba sauran yauƙi in kin ɗaga cokalin. Wasu na cewa wai kar a sa gishiri sai an sauke don yana tsinka ƙwai, eh za ki ga ya ɗan tsinke launinsa ya ƙara duhu, amma wannan ba aibu ba ne, gishirin da ya narke a ciki shi ke hana ƙwan ƙanƙamewa ya matse ruwansa waje in ya ji zafi. In da hali ki bar shi minti 10 zuwa 15 kina haɗa shayi, in ana sauri yara za su makara kuma ki soya nan take ba komai. Wanda aka barbaɗa a ƙarshe dai a sama yake tsayawa, wata lomar gishiri wata lami.

To sai wuta, nan ne aikin yake. Ƙwai ba nama ba ne, farinsa yana fara kamawa tun wajen digiri 62 zuwa 65, gwaiduwa kuma 65 zuwa 70, ruwa ko sai 100 yake tafasa, kin ga ashe ba ya buƙatar wani zafin kirki. In gas ne ki mayar da shi can ƙasa. In risho ne ki rage lagwani, in kuma gawayi ne ki jira ya zama garwashi ki kwashe rabi, ko ki riƙa ɗaga kaskon kina mayarwa. Ki sa bota, da ta narke ta fara kumfa kaɗan ki juye ƙwan, kar ki bari ta yi ja. In kin ji cuuu da ƙarfi kaskon ya yi zafi, ɗauke shi gefe ya huce.

Ki samu cokalin katako, musamman in kaskonki wanda ba ya kamu ne, ƙarfe yana kankare shi. Ki jira 'yan daƙiƙu gefe ya fara kamawa, sai ki riƙa turo shi daga gefe zuwa tsakiya a hankali kina sharo ƙasan kaskon, ɗanyen yana gangarawa gurbin da kika share. In kina son shi manya-manya ki juya jefi-jefi, in kuma ƙanana kike so masu kama jiki to hannunki kar ya tsaya. Kuma don Allah ba lokacin duba waya ba ne wannan, duka-duka minti 3 zuwa 5 ne.

Ki sauke tun bai gama nuna ba. Alamar ita ce in kin ja cokali a tsakiya hanyar ta tsaya ba ruwan ƙwai da ke malalowa ya rufe ta, amma saman yana nan da danshi yana ƙyalli. Zuciyarki za ta ce ƙara minti ɗaya, kar ki biye mata, zafin da ke jikinsa zai ƙarasa shi kafin ki kai falo. Ki juye a faranti nan take, in kin bar shi cikin kasko ci gaba zai yi da dahuwa ko kin kashe wuta, shi ya sa burodi da shayi su ne za su jira ƙwai.

Mai son albasa da attaruhu ta soya su daban su yi laushi tukun, ta rage wuta kaskon ya ɗan huce sannan ta zuba ƙwan, don wannan 'yar wutar ba za ta dafa ɗanyar albasa ba. Mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da marasa lafiya kuma a bar nasu ya nuna sosai har danshin ya ɗauke, a wannan ƙaramar wutar dai, zai yi laushi daidai gwargwado.