Wasiƙa zuwa ga Hajiya kan tallan watan Afrilu da tsarin watan Mayu

Asawase, Kumasi
2 ga Mayu, 2025

Hajiya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya tare da iyali da yaran shago. Na ji saƙonki kan faɗuwar ciniki, kuma kina da gaskiya, ya faɗi. Ga lissafin.

A Maris mun kashe sidi 3,000 a Facebook da Instagram, mutum 400 suka yi magana a WhatsApp, 92 suka saya. Kowane saƙo ya tsaya mana a sidi 7.50. A Afrilu sidi 2,700 aka kashe, saƙo 225, masu saye 36, kowane saƙo ya kai sidi 12.

Babban dalili shi ne lokaci. Maris ya zo daidai da azumi, aka yi Sallah ranar 31 ga wata. Duk mai neman leshi ko shadda ta saya kafin nan, aljihu ya huce, kuma ko a kasuwar Kejetia kin ga yadda ƙafa ta ɗauke. Wannan ba a hannunmu yake ba, don haka bai kamata mu auna kowane wata da Maris ba.

Sauran kuwa masu gyaruwa ne. Hotuna ukun da muka fara da su sun tsufa a idon mutane. Tallan yana zagaye Aboabo, Asawase, Sabon Zango da Tafo kaɗai, kuma adadin da ake kira Frequency, wato sau nawa mutum ɗaya ya ga talla, ya tashi daga 1.8 zuwa 4.6. Wadda ta ga leshi ɗaya sau biyar, wucewa take yi, mu kuma muna biya. Sannan daga 14 zuwa 16 ga Afrilu katin banki ya ƙi biya, tallan ya tsaya. Da ya dawo muka cire leshin ruwan zuma da ya ƙare, canjin ya mayar da shi matakin Learning. A wannan mataki manhajar tana laluben masu saye ne, tana bukatar sakamako kusan 50 cikin mako kafin ta daidaita, farashi kuma yakan hau.

Abin da ya fi damuna shi ne amsa saƙo. Mutanen da suka yi magana sun ragu, amma cikin waɗanda suka yi ma, masu saye sun sauka daga 23 cikin ɗari zuwa 16. Na bi hirarrakin. Saƙonni da yawa suna shigowa bayan Isha, wayar tana kulle a shago. Akwai wata da ta tambayi kuɗin yadi biyar da ƙarfe 8:40 na dare, aka amsa mata washegari bayan Azahar, ta ce ta riga ta saya a wani wuri. Kuɗin tallan da ya kawo ta mun riga mun biya.

Ban ba ki shawarar ƙara kuɗi ba, ban kuma ce a tsaya ba. Sidi 3,000 ɗin dai, rabon ne zai canza, domin ana sa ran Babbar Sallah a farkon Yuni, teloli kuwa sukan daina karɓar ɗinki tun da saura:

5 zuwa 11 ga Mayu, sidi 500, gwajin sababbin bidiyo.
12 zuwa 25 ga Mayu, sidi 2,000, leshi da shadda.
26 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni, sidi 500, abaya da mayafi, tunda ba sa jiran tela.

Za mu zo ranar Asabar mu ɗauki bidiyo shida na daƙiƙa 15, a hasken ƙofar shago, a buɗe kayan a hannu, farashi a rubuce a kai. Uku za su fara, sauran su maye gurbinsu idan Frequency ya wuce 3. Za mu ƙara Tamale da Techiman, tunda kina iya aika kaya ta tasha. Tsofaffin masu sayenki 128 za su samu saƙo ta Broadcast na WhatsApp, wato saƙo ɗaya ga mutane da yawa, kyauta, amma waɗanda suka ajiye lambar shago kaɗai yake isa, don haka a riƙa tuna musu.

Daga wajenki ina roƙon mutum ɗaya ya tafi gida da wayar, ya riƙa amsawa har 10 na dare. Zan saka masa Quick replies, wato shiryayyun amsoshi, na farashi, lambar MoMo da kuɗin aike. A bar aƙalla sidi 1,000 a katin, kuma duk Litinin a turo min jerin abin da ya kusa ƙarewa.

Burinmu saƙo 300 a kan sidi 10, masu saye 60. Ba zai kamo Maris ba, domin kuɗin rago zai raba hankalin magidanta. Zan turo miki rahoto duk Juma'a. Idan zuwa 18 ga Mayu saƙo ya wuce sidi 12, zan kira ki mu duba kafin mu kashe sauran.

Idan kin amince, ki sanar da ni yau ko gobe da safe don mu zo ɗaukar bidiyon. Allah Ya buɗa kasuwa.

Naki,
Abdul-Basit
Mai kula da tallan shago