Sanarwar Ƙungiyar Unguwa: Ranaku Huɗu da Abin da Ake Buƙata daga Kowane Gida

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne. Wannan ita ce doguwar sanarwar da aka turo jiya, an jera ta bisa ranaku. Ba a canza komai a shawarwarin ba.

*Juma'a, 8 ga Mayu: ranar ƙarshe ta biyan kuɗin wata*
A kai wa ma'aji kuɗin Afrilu da Mayu kafin ƙarfe 6 na yamma, a karɓi rasit. Wanda ya tura ta banki ya aika wa ma'aji hoton shaidar biya shi kaɗai, kada ya saka a wannan zaure.

*Asabar, 9 ga Mayu, ƙarfe 7 na safe: aikin gayyar yashe kwalbati*
Kowane gida ya turo mutum ɗaya, babba, da shebur ko manjagara. Za a haɗu a bakin makarantar firamare. Wannan ne aikin da na fi roƙon kada a yi masa sakaci. Kwalbatin layin baya ya cika da yashi da ledoji har ciyawa ta tsiro a kai, kuma duk mun ga yadda ruwa ya shiga gidajen da ke gangare a daminar bara. Ruwan farko na sauka, aikin ya fi ƙarfin shebur. Gidan da babu mai fita saboda tsufa ko rashin lafiya, a sanar da wakilin layi kafin daren Alhamis, matasa za su ɗauke musu.

*Laraba, 13 ga Mayu: babu ruwa a rijiyar burtsatse*
Masu gyara za su cire famfo daga ƙarfe 8 na safe zuwa yamma. A tara ruwa tun ranar Talata.

*Lahadi, 17 ga Mayu, ƙarfe 4 na yamma: babban taro*
A harabar makarantar firamare. Abu uku za a yi: ma'aji zai karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, a zaɓi sabon kwamitin tsaro, sannan a yanke maganar fitilun layi. Mai son tsayawa ya ba sakatare sunansa kafin Alhamis, 14 ga Mayu, domin ba za a karɓi suna a wurin taro ba. Iyayenmu mata, don Allah a halarta, maganar fitilun layi ku kuka fara kawo ta, kuma a ranar za a yanke ta.

Mai tambaya ya kira wakilin layinsu. An maƙala wannan saƙo a saman zaure, a yi haƙuri da turo gaisuwa da bidiyo har zuwa gobe don kowa ya samu ya karanta. Wanda maƙwabcinsa ba ya cikin zauren ya faɗa masa da baki.

Allah ya ba mu ikon halarta.
Sakataren Ƙungiya