Tsarin gwajin ƙiris ɗin taki a kan gero: bulok huɗu, nau'i biyar, damina ɗaya

Wannan shi ne tsarin da za a bi a gwajin kammala karatun aikin gona na Jami'ar André Salifou ta Zinder, a wata gonar jigawa da ke kan hanyar Mirriya. Tambayar guda ce: idan an zuba taki kaɗan a cikin gurbin shibka, wane irin taki ne ya fi ƙara wa gero hatsi? Irin geron HKP ne, mai nuna cikin kusan wata uku, kuma daga buhu ɗaya za a ɗebi irin duka.

Nau'o'in da za a gwada biyar ne. T0 babu taki ko kaɗan, shi ne ma'auni. T1 garam 2 na takin zamani DAP a kowane gurbi. T2 garam 6 na NPK 15-15-15. T3 garam 200 na ruɓaɓɓen takin dabbobi. T4 takin dabbobi garam 200 haɗe da DAP garam 2. Tazarar shibka mita 1 kan mita 1 ce, wato gurbi 10,000 a hekta, don haka T1 daidai yake da kilo 20 a hekta, T2 kilo 60, T3 tan 2. A lura cewa fosfat ɗin da ke cikin garam 2 na DAP (garam 0.92) kusan ɗaya yake da na garam 6 na NPK (garam 0.9). Duk bambancin da ya fito tsakanin T1 da T2, wajen azot da fotash za a neme shi.

Dalilin yanka bulok

Gonar ba ɗaya take ba. Tana gangarowa daga arewa zuwa kudu: sama rairayi ne fari mai saurin bushewa, ƙasa kuwa ruwa yana ɗan kwanciya, ƙasar ta fi duhu. Da za a jera T4 duka a kudu, T0 duka a arewa, T4 zai yi nasara ko da takin bai yi komai ba. Aikin bulok shi ne ya tattara ƙasa mai kama da juna wuri guda, kowane nau'i ya samu rabonsa sau ɗaya a ciki. Saboda haka kowane bulok zai kwanta gabas da yamma, yana gitta gangaren, a jera su huɗu daga sama zuwa ƙasa. Idan aka miƙe bulok ya bi gangaren, an zuba bambancin ƙasa a cikinsa ke nan, tsarin ya tashi a banza.

Akwai gawo a kusurwar gabas maso kudu da tsohon suri kusa da shi. Gero yakan yi kyau a gindin gawo, har ya ruɗi mai awo, don haka za a ja filin gwajin yamma ya fita daga inuwarsa da inda ganyensa ke zuba. Haka wurin da aka taɓa ɗaure dabbobi da rani. Mai gona ya san shi, a tambaye shi kafin a kafa turke.

Awo da ƙuri'a

Kowane ƙaramin fili mita 6 kan 6 ne, layi 6 mai gurbi 6, gurbi 36. Hanyar mita 1 tsakanin filaye, mita 2 tsakanin bulok. Tsawon bulok mita 34, faɗin gwajin duka mita 30, jimla murabba'in mita 1,020, filaye 20, gurbi 720. Za a fitar da kusurwa ta farko da igiya a kan awon 3, 4, 5, domin kusurwar da ta karkace a bulok na farko, kafin a kai na huɗu ta cinye rabin layi. Kayan da ake bukata: DAP garam 576, NPK garam 864, takin dabbobi kilo 57.6 daga tuli ɗaya da aka gauraya sosai. A auna awon kowane taki a sikeli sau ɗaya, a yi wa murfin kwalba ko gwangwani alama daidai nan, kada a koma ɗiba da yatsu.

An rubuta T0 zuwa T4 a takardu biyar, an naɗe, an zuba a hula, an jawo ɗaya bayan ɗaya, kuma an sake ƙuri'ar daga farko a kowane bulok. Daga yamma zuwa gabas, ga abin da ya fito:

Bulok 1: T2, T0, T4, T1, T3
Bulok 2: T4, T3, T1, T0, T2
Bulok 3: T1, T4, T2, T3, T0
Bulok 4: T3, T1, T0, T4, T2

T2 ya faɗo bakin gabas sau biyu. A bar shi haka. Wanda ya gyara ƙuri'a don taswira ta yi kyau a ido, ba ƙuri'a ya yi ba. A yi kwafin taswirar biyu, ɗaya a gona ɗaya a gida, don allunan fili iska da yara ba sa barin su.

Aikin gona

Za a yi shibka bayan ruwan da ya kai milimita 20, a gama a yini ɗaya. A gauraya DAP da ƙasar gurbi kafin a sa iri, saboda idan ya taɓa ƙwayar kuma ruwa ya ɗauke, yana ƙone tsiro. Bayan mako biyu zuwa uku a cire, a bar ƙafa uku a gurbi. Noman farko, maimai da girbi, duk bulok-bulok za a yi su. Idan rana ta yi zafi aka tashi, a tsaya a ƙarshen bulok, kada a tsaya a tsakiyarsa. In ma'aikata biyu ne, kowa ya ɗauki bulok, kada ɗaya ya riƙe T4 ɗaya T0. Ta haka bambancin hannu da na rana zai shiga lissafin bulok, bai taɓa na taki ba.

Layin gefe na kowane fili ba a auna shi, don saiwar gero tana satar takin maƙwabci. Gurbi 16 na tsakiya kaɗai ake girba, murabba'in mita 16. A nan za a ƙirga gurbin da ya tsira, ranar da rabin geron ya yi fure, yawan zangarniya, nauyin hatsi bayan shanya da sussuka, da nauyin busasshen kara. Nauyin hatsi a kilo, a ninka da 625, ya ba da kilo a hekta. Ƙuduji, tsutsar zangarniya da ɓarnar tsuntsaye, a rubuta su fili-fili da kwanan wata.

Lissafi

Fili shi ne abin ƙirga, ba ƙafar gero ba. Idan an auna tsawon ƙafar gero guda 10 a fili, matsakaicinsu ne zai shiga tebur, layi 20 cak. Wanda ya shigar da layi 200 zai ga bambanci ko'ina, na ƙarya. Ga umarnin a manhajar lissafi ta R, inda d shi ne sunan teburin:

```r
d$bulok <- factor(d$bulok)
m <- aov(hatsi ~ bulok + taki, data = d)
summary(m)
TukeyHSD(m, "taki")
```

A ginshiƙin Df dole a ga bulok 3, taki 4, Residuals 12. In bulok ya nuna 1, an manta layin factor, R ya ɗauki lambar bulok a matsayin awo. Wannan 12 ɗin ne ya sa aka zaɓi bulok huɗu. Da uku ne, 8 za a samu, ƙaramin bambanci ya ɓace. F na taki sai ya wuce 3.26 kafin a ce akwai bambanci a matakin kashi 5 cikin 100, sannan a duba TukeyHSD a ga wanne ya fi wanne.

Idan awaki suka cinye fili ɗaya, a rubuta NA, kada a rubuta sifili, domin sifili na nufin takin ne ya hana hatsi. Residuals zai koma 11, kuma a bar bulok gaban taki a cikin umarnin kamar yadda yake a sama.